Shika ko Noila: Wacce ta Fi Dacewa da Ƙaramin Kiwo a Bayan Gida?

Kajin da ake kiwo don a samu riba sun kasu ne bisa abin da jikinsu ke yi da abincin da suka ci. Wata kazar, duk abin da ta ci ƙwai take mayar da shi, jikinta kuwa ya tsaya cak. Wata kuma tsoka da ƙashi take ginawa, ƙwai ya zo a baya. Ba a taɓa samun kazar da ta kai matuƙa a duka biyun ba, domin abincin da ya tafi ga ƙwai ba zai koma ya zama nama ba. Wannan ne ya sa mai ɗan fili a bayan gida, wanda ƙarfinsa bai wuce kaji ashirin ko talatin ba, yake buƙatar ya san irin da zai saya tun kafin ya gina akurki.

Iri biyu da aka samar a Najeriya sun isa su nuna wannan bambanci. Ta farko ita ce Shika Burawun, kazar ƙwai da masana suka fitar a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. An yi shekaru ana zaɓen iyaye ana haɗa su kafin a yi mata rajista a shekarar 2000. Ja ce mai ɗan duhu, ba ta da girman jiki, ƙwanta kuma mai jan ɓawo ne irin wanda aka saba gani a kiret. Ta biyu ita ce Noila, wadda kamfanin ƙyanƙyasar kaji na Amo da ke garin Awe a Jihar Oyo ya samar, ta fara bazuwa a kasuwa wajen 2014. Ita launinta ba ɗaya ba ne: akwai baƙa, da ja, da fara, da mai zanen zabo, har wanda bai sani ba zai ɗauka kazar Hausa ce da ta samu kulawa. An yi ta ne don ta ba da nama da ƙwai tare, kuma ta iya kiwo a tsakar gida.

An taɓa gwada su kafaɗa da kafaɗa. A wani shiri na inganta irin kajin Afirka da cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, ta jagoranta, an raba iri shida ga gidajen manoma a jihohin Kebbi da Kwara da Nasarawa da Imo da Ribas, Shika da Noila suna ciki. Abin da ya fito bai saɓa wa abin da masu kiwo suka sani ba: Noila na cikin masu nauyin jiki, Shika kuma na cikin marasa nauyi, ƙarfinta yana wajen ƙwai.

Ya kamata a faɗi tun nan cewa 'yan tsakin Shika ba su cika yawa a kasuwa ba. Mafi yawan jajayen kajin ƙwai da dillalai ke kawowa Arewa daga kamfanonin yankin Ibadan wasu iri ne na ƙetare, irin su Isa Burawun. Amma halinsu da cinsu da yawan ƙwansu sun yi kusa da na Shika, don haka lissafin da zai biyo baya ya shafe su su ma.

Sagarar Shika kan fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, nauyinta a lokacin bai wuce kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ba. Idan ta samu cikakken abinci da ruwa da haske, takan yi ƙwai 250 zuwa 280 a shekararta ta farko. Noila takan ɗan makara, ta fara wajen mako 20 zuwa 22, kuma abin da ake sa rai daga gare ta shi ne ƙwai 150 zuwa 200 a shekara. Duka biyun sun yi wa kazar Hausa nisa, domin ita takan yi 40 zuwa 60 ne, saboda tana yin goma sha wani abu sai ta tsaya ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'ya na makonni kafin ta koma.

Sai dai yawan ƙwai shi kaɗai ba ya nuna riba. Abin dubawa shi ne abincin da aka kashe kafin a samu ƙwan. Kowace kaza tana fara ciyar da jikinta ne tukuna: numfashi, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, da gashi. Abin da ya rage bayan wannan shi ke zama ƙwai. Kaza mai kilo uku tana buƙatar abincin riƙe jiki fiye da mai kilo biyu, ko ta yi ƙwai a ranar ko ba ta yi ba. Shi ya sa Shika mai yin ƙwai kan ci giram 110 zuwa 120 a rana, Noila kuwa, idan an kulle ta an cika mata mazubi, takan kai giram 140 ko fiye.

A ɗauki gida biyu, kowanne da kaji mata ashirin, dukkansu a kulle, ana ciyar da su da abincin kanti na buhu mai kilo 25. A gidan Shika, idan kowace ta ci giram 115, ana kashe kilo 2.3 a rana, buhu zai yi kwana 11. Idan aka ɗauka suna ba da ƙwai 14 a rana a tsaka-tsakin shekara, buhu ɗaya ya haifar da ƙwai 154, wato kiret biyar da 'yan kai, tunda kiret ƙwai 30 yake ɗauka. A gidan Noila ana kashe kilo 2.8 a rana, buhu ya ƙare cikin kwana 9. Idan suna ba da ƙwai 10 a rana, buhun ya haifar da 90, kiret uku ke nan cif. Kowane ƙwan Shika ya ci giram 164 na abinci, kowane ƙwan Noila ya ci giram 280.

Farashi yana hawa yana sauka, saboda haka ya fi amfani a auna buhu da kiret maimakon naira. Mai kiwo ya tambayi kuɗin buhun abincin kajin ƙwai a garinsu, ya tambayi kuɗin kiret a hannun mai gona, ya ga kiret nawa ke sayen buhu ɗaya. Idan misali kiret uku ne, mai Shika yana da rarar kiret biyu a kan kowane buhu, mai Noila kuwa ya yi aikin banza: abin da ya sayar shi ya mayar wa mai abinci, ba a ma zo kan magani da rigakafi ba. Idan buhu ya kai kiret huɗu, mai Shika yana nan da kiret ɗaya, mai Noila ya shiga cin uwar kuɗi.

A shekara guda, kajin Shika ashirin ɗin za su ci kimanin buhu 34 su ba da kiret 170. Noila za su ci buhu 41 su ba da kiret 121. Masu son Noila kan ce ai idan ta gama ƙwai ta fi tsada, kuma gaskiya ne. Tsohuwar Noila kan kai kilo uku, tsohuwar Shika ba ta cika kai biyu ba. Amma bambancin kilo ɗaya a kan kaji ashirin kilo 20 ne na nama, ba zai taɓa biyan ƙarin buhu bakwai da giɓin kiret kusan hamsin ba. Duk wanda niyyarsa sayar da ƙwai ce, kuma abincin saye zai riƙa yi, ba shi da hujjar ajiye Noila.

Ita ma Shika tana da nata nauyin, kuma a nan ne masu ƙaramin ƙarfi suka fi faɗuwa. Kafin ta yi ƙwan farko, kowace sagara ta ci kilo bakwai zuwa takwas. Kaji ashirin sun cinye kimanin buhu shida cikin wata huɗu da rabi ba tare da ko sisi ya shigo ba. Da rarar kiret biyu a kan buhu, sai an yi sama da wata uku ana sayar da ƙwai kafin a mayar da kuɗin wannan reno. Wanda ya shiga ba tare da ya tanadi kuɗin buhunan nan shida ba, yakan kai mako na goma sha biyu aljihu ya bushe, ya koma ba su dusa zalla. Sagarar da aka yi wa haka ba ta kai nauyin da ya kamata ba, za ta makara wajen farawa, ƙwanta ya zo ƙanana, kuma ba za ta taɓa kai yawan da aka san irinta da shi ba. Asarar da aka yi a lokacin reno ba ta gyaruwa daga baya.

Dalilin da ya sa dusa ba ta isar kazar ƙwai ba ɓoyayye ba ne. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar sa'a 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikinta, kuma mafi yawan wannan lokaci wajen gina ɓawo yake tafiya. Ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da kimanin giram biyu na sinadarin kalsiyam, wanda ke ƙarfafa ƙashi. Kazar da ke yin ƙwai kusan kullum dole ta samu wannan a abincinta kullum. Shi ya sa abincin kajin ƙwai ke ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari, da furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 16 zuwa 17. Dusar masara ko ta gero ba ta da kalsiyam ɗin kirki, furotin ɗinta ma bai kai ba. Idan aka rage wa Shika waɗannan, ba ta daina ƙwai nan take. Sai ta fara zarar kalsiyam daga ƙashinta. Alamar farko ita ce ɓawo ya yi laushi ko ya riƙa fashewa a hannu, daga nan a ga ƙwai marar ɓawo, sannan kajin su koyi fasa ƙwai suna sha. Idan abin ya yi nisa, sai a tarar da kaza zaune ta kasa tashi alhali ba wata cuta a jikinta. Garin ƙashi, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, idan an zuba a wani mazubi daban, yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin cikakken abinci.

Haske ma yana cikin lissafi. Kazar ƙwai tana son haske na sa'a 14 zuwa 16 a rana, rana kuwa a ƙasar Hausa ba ta cika wuce sa'a 12 da 'yan mintuna ba. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, a kunna ta daga magariba zuwa bayan isha da kaɗan, ta isa cike giɓin. Sharaɗin shi ne kada a riƙa yi ana fasawa, domin raguwar haske ba zato tana sa ƙwai ya ja baya. Kuma ba a ƙara wa sagara haske kafin ta kai nauyin fara ƙwai, don kada ta fara da wuri jikinta bai ƙosa ba, mahaifarta ta zazzago.

Idan aka juya wajen nama, lissafin ya kife gaba ɗaya. Zakaran Noila da ya samu abinci mai kyau yakan kai kilo biyu zuwa biyu da rabi a mako 12 zuwa 14, macen kuma ta biyo shi da kaɗan. Zakaran irin kajin ƙwai a wannan shekarun da ƙyar yake kusantar kilo ɗaya da rabi, yawanci ma bai kai ba. Dogon ƙafa ne da ƙashin ƙirji a tsaye. Sai ya yi wata biyar kafin mai saye ya ɗaga shi ya ji nauyi. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke sayar da 'yan tsakin zakarun nan da arha ƙwarai, kuma arhar ce ke jan mutane. Amma kuɗin ɗan tsako ƙaramin kaso ne na kuɗin kiwo. Wata biyun da zai ƙara yana ci, shi ne tsadarsa ta gaskiya.

A koma ga gidan Noila, a wannan karon da 'yan tsaki ashirin da ba a tantance maza da mata ba, kamar yadda aka saba sayar da su. A ɗauka goma zakaru ne, goma mata. Zuwa mako 14, kowanne ya ci kimanin kilo shida, jimilla kilo 120, kusan buhu biyar. Idan zakarun sun kai kilo 2.3, matan 1.8, an samu kilo 41 na kaji masu rai. Kowane kilo ya ci kusan kilo uku na abinci. Bayan yanka da fiɗa, abin da ke shiga tukunya kimanin kashi 70 ne cikin ɗari na nauyin mai rai. Kuɗi ya dawo cikin wata uku da rabi, kuma ana iya yin zagaye uku a shekara a ɗaki ɗaya, da hutun mako biyu tsakani don a kwashe shara a wanke a bar ɗakin ya bushe. Ga mai ƙaramin jari, wannan saurin juyawa ya fi komai muhimmanci: lokacin da mai Shika ke jiran ƙwan farko, mai Noila ya sayar ya sake zubawa.

Lokacin sayarwa shi ke yanke ribar nama. Bayan mako 14 zuwa 16 girman Noila yana raguwa amma cinta ba ya raguwa, saboda haka duk makon da aka ƙara, riba ce ake ci. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma masu sabon kiwo da yawa sun yi asara ne don sun ga zakara ya yi kyau sun ƙi rabuwa da shi. Mai dabara yakan ƙirga baya daga ranar da kasuwa za ta yi zafi. Wanda ke son kajin ƙaramar salla ya sayi 'yan tsaki a farkon watan Rajab. Rajab da Sha'aban da Ramadan sun ba shi kusan mako 13. Mai nufin Kirsimeti ya zuba a tsakiyar Satumba. Babbar salla kuwa ba ta kaza ba ce, naman layya ya cika gari.

Akwai iyaka a nan da bai kamata a ɓoye ba. Idan nufin mutum shi ne ya kulle kaji ya ciyar da su da abincin kanti zalla don nama, buroila ta fi Noila. Ita takan kai kilo biyu cikin mako shida zuwa bakwai, kuma ba ta cin kilo biyu na abinci kafin ta yi kilo ɗaya na jiki. Abin da Noila ta fi ta da shi uku ne: ta fi jure zafi da wahala, namanta ya fi tauri da ɗanɗano irin wanda ake so a farfesu da dambu, sannan tana iya neman wani kaso na abincinta da kanta. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin dalilin da ya sa aka yi ta, kuma wanda ya hana ta fita ya zubar da abin da ya biya kuɗi a kai.

Gidan da ake surfe da tankaɗe, akwai dusa da tsaki da ragowar tuwo, akwai bola da ciyawa da gara a bayan danga, yana da abincin kaza da ba a saye. Noila tana tonon ƙasa, tana bin fara da tsutsa, tana cin ɗanyen ganye. Idan ta samu rabin abincinta ta haka, a ba ta giram 70 na abincin kanti a raba safe da yamma, buhu zai yi wa kaji ashirin kusan kwana 18. Ƙwai zai ragu, a ce ya koma bakwai a rana, amma duk da haka buhun ya haifar da fiye da kiret huɗu maimakon uku. Kazar da ke jawo asara a kulle ta koma mai ɗan amfani a sake. Ita ma Shika an yi ta ne don yanayin ƙasar nan kuma ba ta mutuwa don an sake ta, sai dai yawan ƙwanta ya dogara ga daidaitaccen abinci, kuma shi ne abu na farko da ke zubewa idan aka bar ta da abin da ta tsinta.

Tsakar gida ba rijiya ba ce da ba ta ƙafewa. Filin da ya ciyar da kaji biyar ba zai ciyar da talatin ba, kuma abin da damina ke bayarwa na ƙwari da ganye, rani ba ya bayarwa. Ana gane haka da hannu. Da magariba, bayan sun shiga akurki, a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyan kaza: idan a cike take, ta ƙoshi, idan a saɓe take, filin ya gaza, a ƙara abin da ake ba su. A kuma shafa ƙirji. Ƙashin ƙirjin da ya fito kamar wuƙa alamar rama ce. Sakin kaji yana da nasa haɗarin, shirwa da shaho ga ƙanana, muzuru da ɓarawo ga manya, ga cuɗanya da kajin maƙwabta. Noila mai nauyi ba ta da zafin naman kazar Hausa wajen gudu da tashi, saboda haka fili mai katanga ko danga ya fi mata, kuma ba a sakin 'yan tsaki sai sun kai mako biyar ko shida, gashi ya rufe su.

Matsalar matan Noila kishiyar ta Shika ce. Su ƙiba ke kashe musu ƙwai. Mutum ya reni maza da mata tare a kan abincin sa ƙiba, ya sayar da zakarun, ya bar matan da niyyar su yi ƙwai, alhali kitse ya riga ya cika musu ciki. Irin waɗannan sukan makara, su yi ƙwai jefi-jefi, wasu mahaifa ta fito, wasu su mutu farat ɗaya da zafin bazara. Maganin shi ne a ware matan da za a ajiye tun wajen mako na takwas, a mayar da su kan abincin girowa, a riƙa auna musu maimakon a bar mazubi a cike, a kuma bar su su yi yawo.

Kowane iri aka ajiye, akwai kajin da ke ci ba sa biya, kuma ana iya gano su. Mai yin ƙwai zankonta ja ne, cike, mai ɗumi. Duburarta a buɗe take da laima. Idan aka sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen duburar, yatsu biyu ko uku za su shiga, cikinta kuma da laushi. Wadda ta daina, zankonta ya yanƙwane ya koɗe, duburar ta bushe ta tsuke, yatsa ɗaya ne zai shiga. A garken ashirin, kaza uku marasa yi suna cin kusan buhu ɗaya duk wata biyu da rabi. A duba su sau biyu a tazarar mako biyu, wadda ba ta sauya ba ta tafi kasuwa.

Zafi yana taɓa su duka, amma ba iri ɗaya ba. Kaza ba ta gumi. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma daga Maris zuwa Mayu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi suna haura 40. Sai a ga kaji sun buɗe baki suna haki, fikafikai a sake. Shika takan rage ci, ƙwai ya ragu ya ƙanƙance, ɓawo ya yi sirara. Noila mai ƙiba ita ce ta fi shiga haɗarin mutuwa. A irin wannan lokaci a ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, a bar tsakar rana ga ruwa. A ranar da ba zafi kaza na shan ruwa kimanin ninki biyu na nauyin abincinta, a bazara kuwa ya kai ninki uku ko huɗu, kuma ruwan randa ya fi wanda ya kwana a jarka cikin rana. Ɗakin kaji ashirin kada ya gaza mita biyu da biyu da rabi, gefunansa a buɗe da waya, a shimfiɗa zana ko kara a kan kwano, a ƙasa kuma a zuba diddigar katako ko ɓuntun shinkafa.

Maganar cewa Noila ba ta buƙatar rigakafi ba ta da tushe. Juriya daban, kariya daban. Cutar Niyukasil, wadda a wurare da dama ake kira fakat, takan share gari a lokacin hunturu ba ta tambayar iri: kaji su yi zugum, su riƙa kashi kore, numfashi da ƙyar, wasu wuya ya murɗe. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ana ba da Lasota a ruwan sha tun suna 'yan tsaki, a riƙa maimaitawa, akwai kuma wadda ake kira I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, wadda ta fi jure rashin firiji. Gumboro tana kama 'yan mako uku zuwa shida, don haka ake yi mata rigakafi sau biyu kafin lokacin, ta ƙuraje kuma wajen mako shida zuwa takwas. Kashin jini yana zuwa ne daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Da yake kwalbar rigakafi ta kaji masu yawa ce, kuma ba ta ajiyuwa bayan an buɗe, maƙwabta masu kiwo su haɗu su yi rana ɗaya. Wanda ba zai iya renon makonnin farko ba, da ɗumama ɗaki zuwa digiri 32 ko 35 a makon farko, gara ya sayi 'yan mako huɗu ko biyar daga masu reno, ya tambayi rigakafin da aka yi musu da ranakunsa.

Saura batun iri. Shika da Noila duka haɗi ne na iyayen da aka keɓe, waɗanda ke hannun masu samar da su. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe daga ƙwansu a gida za su rayu, amma ba za su zo daidai da iyayensu ba. Wasu su yi kyau, wasu su koma baya, kuma abin yana ƙara warwatsewa a kowane zubi. Ga shi kuma ba su cika yin kwanci ba, musamman Shika, wadda aka cire mata wannan hali da gangan don kada ta tsaya da ƙwai. Mai son ƙyanƙyasa a gida sai ya ajiye kazar Hausa ɗaya ko biyu, ya sa musu ƙwan su kwanta na kwana 21, da zakara ɗaya ga mata takwas zuwa goma. Don ƙwan ci kuwa ba a buƙatar zakara ko kaɗan. Ajiye shi a garken Shika ƙarin baki ne kawai. Wajen saye ma a yi hattara, domin a ranar farko ɗan tsakon zakaran kajin ƙwai mai launi yana iya wucewa a matsayin Noila a hannun dillalin da ba shi da amana, kuma ba za a gane ba sai bayan mako huɗu, lokacin da aka ga ƙafa ta ƙi kauri, jiki ya ƙi cika.

Hukuncin ya rataya ne a kan inda abinci zai fito da kuma tsawon lokacin da jari zai iya jira. Mai gida a cikin gari, wanda ba shi da filin saki, yana da kuɗin da zai riƙe kaji wata biyar ba shiga, kuma akwai masu shayi da masu shago kusa da za su karɓi ƙwai kullum, Shika ko wata jar kazar ƙwai ce tasa. Mai gida a ƙauye ko gefen gari, da dusa da fili, wanda jarinsa ba zai jure dogon jira ba, ya ɗauki Noila, ya sayar da zakarun da mafi yawan matan kafin mako 16, ya bar mata biyar ko shida don ƙwan gida. Wanda ke son duka biyun ya raba musu ɗaki da mazubi, domin idan aka haɗa su Noila za ta ture Shika daga abinci ta yi ƙiba, Shika kuma ta rame ta rage ƙwai.